Yaron shagona yana kan gwaji, zan iya sallamarsa ba biya?

Tambaya: Ina da shagon atamfa a Kantin Kwari. Na ɗauki wani yaro ya riƙe mini littafin lissafi a kan gwajin wata uku, albashi dubu 60. Yau wata biyar ke nan ban ce masa komai ba, ga shi turmi biyu sun ɓace. Tunda ban tabbatar da shi ba, zan iya sallamarsa in riƙe kuɗin wannan watan?

Amsa: Alhaji, sallama kana iya yi, amma riƙe kuɗin nan kada ka fara.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke tsawon gwaji ba, abin da kuka shirya da yaro shi ne. Kun ce wata uku, sun cika, ka yi shiru kana ci gaba da biyansa. Kotuna sun sha ɗaukar irin wannan shirun a matsayin tabbatarwa. Da kana son ƙara masa gwajin, sai ka faɗa masa a rubuce kafin wa'adin ya cika. Dama dokar ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takardar da ta fayyace aikinsa da albashinsa da yadda za a rabu, abin da mu 'yan kasuwa muke wasa da shi, sai rigima ta taso a rasa madogara.

Abin da watannin farko ke sauƙaƙa maka shi ne sanarwa. Wanda bai haura wata uku ba, kwana ɗaya ya isa. Naka ya haura, don haka sanarwar mako guda ce a rubuce, ko ka biya shi kuɗin makon ya tafi. A ce yau 20 ga wata: kwana 20 a kan dubu biyu-biyu dubu 40, kuɗin mako dubu 14, ka ga dubu 54 ke nan za ka damƙa masa, ya sa hannu ya karɓa.

Ko da yana tsakiyar gwajin ne, guminsa nasa ne. Yana da hutun kwana ɗaya a mako, idan kuma ya kwanta ciwo ya kawo takardar likita, za ka biya shi har kwana 12 a shekara.

Sai maganar turmi biyun. Zargi bai isa ka zaftare albashi ba. Ko da sakacinsa ne ya jawo asarar, doka ta ce sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce. Ka zaunar da shi gaban shaidu biyu daga layinku, ku bi littafin shigar kaya da rasit ɗin ciniki rana-rana, ka ji ta bakinsa. Sau da yawa za ka tarar turmin bashi aka bayar ba a rubuta ba.