Aikin gwamnati, aikin kamfani ko kasuwanci: yadda ake auna su

Tambaya: Na kammala digiri a fannin akanta. Wata ma'aikatar gwamnati ta ɗauke ni aiki, wani kamfani kuma ya yi mini tayin albashin da ya ɗara na gwamnatin sosai, amma kwantiragin na shekara ɗaya ne. Ni kuwa kasuwanci nake so. Wanne zan kama?

Amsa: Kafin ka yanke shawara, sai ka fara sanin abin da zai rage a hannunka daga kowanne, domin adadin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki ba shi ne ke shiga aljihu ya zauna ba.

Mu ƙaddara albashin gwamnatin 100 ne a wata, na kamfanin 160, kai kuma kana kashe 90 wajen ɗaukar nauyin kanka. Idan kwantiragin bai ƙunshi fansho da kula da lafiya ba, kai ne za ka tanadar wa kanka su: ka ware 16 don fansho, 10 kuma don asibiti. Sannan akwai abin da matasa suka fi mantawa da shi, wato ranar da kwantiragin zai ƙare ba a sabunta ba. Idan neman wani aikin ya ɗauke ka wata uku, kana buƙatar 270, wanda in aka raba shi kan watanni 12 zai kama kusan 23 a kowane wata. Abin da ya rage daga 160 ɗin nan shi ne 111. Ratar da ake gani kamar 60 ce ta koma 11.

Wannan bai sa aikin kamfanin ya faɗi ba, domin babbar ribarsa ga sabon akanta ita ce ƙwarewa. Ka tambaye su ainihin aikin da za ka riƙa yi. Idan za a sa ka haɗa rahoton kuɗi na ƙarshen wata, ka daidaita littattafan kamfani da bayanan banki, ka shirya takardun haraji, ka kuma zauna da masu binciken kuɗi, to shekara guda a wurin za ta ba ka abin da kowane kamfani zai biya ka a kansa. Idan kuwa rasit kawai za ka riƙa rubutawa, albashin ne kaɗai abin da za ka samu. Ka duba kuma sunan wanda ya sa hannu a kwantiragin, kamfanin ne da kansa ko wani ɗan kwangila mai samar masa da ma'aikata, ka karanta sashen da ya faɗi kwana nawa za a sanar da kai kafin sallama, sannan ka bincika wajen wani tsohon ma'aikacinsu ko ana biyan albashi a kan lokaci.

Aikin gwamnati yana tafiya ne mataki-mataki, ƙarin girma ya fi dogara ga shekarun aiki da jarrabawa, kuma da wuya a sallami wanda aka tabbatar da aikinsa ba tare da laifi ba. Sai dai ana iya yi maka canjin wurin aiki, kuma dokokin aikin a ƙasashe da yawa sun hana ma'aikaci gudanar da kasuwanci, saboda haka kada ka shiga da niyyar haɗa biyun sai ka karanta su. Abin da ya fi muhimmanci shi ne gurbin ba ya samuwa a duk lokacin da mutum ya so, wasu hukumomin ma suna da iyakar shekarun ɗauka. Barinsa zuwa kamfani ya fi sauƙi a kan dawowa cikinsa.

Game da kasuwanci, ciniki daban, riba daban. Mai cinikin 500 a wata, idan kaya sun ci 360, haya da sufuri da wuta suka ci 60, saura 80 ke nan. Idan 30 daga ciki bashi ne da ba a biya ba, 50 ne a hannu, alhali yana kashe 90. Duk wata yana cin 40 daga jarinsa, kuma alamar ita ce shago cike da masu saye amma kuɗin sarin kaya yana raguwa. Kada ka fara sai kana da kuɗin ɗaukar nauyin kanka na wata shida daban da jari, da kuma masu saye da suka riga suka biya ka, waɗanda ba 'yan'uwa ko abokai ba.

A ganina, idan akwai waɗanda cinsu da karatunsu suka rataya a wuyanka, ka riƙe aikin gwamnati. Idan kai kaɗai ne, kuma burinka kasuwanci ne da gaske, ka ɗauki na kamfanin muddin aikin akanta na haƙiƙa za ka yi, ka ci gaba da rayuwa a kan 90, sannan bayan ka cire na fansho da asibiti ka riƙa ajiye 44 ɗin da ya rage a asusun da ba ka taɓawa.