Na kashe Location, ta yaya ya san makarantar 'yata?

Tambaya: "Na saka hoton 'yata a Facebook ranar da ta fara zuwa makaranta, tana tsaye a ƙofar gida. Sai wani da ban sani ba ya turo mini saƙo, ya faɗi sunan makarantar har da layinmu. Ai tuni na kashe Location. An yi mini kutse a waya ne? Hankalina ya tashi."

Amsa: Malama, da wuya a ce kutse ne. Hoton da kansa ne ya nuna masa hanya.

Maganar nan ta "ai na kashe Location" har na gaji da jin ta. Abin da kashewar ke yi wa hoto guda ɗaya ne: tana hana kyamara rubuta lambobin GPS a cikin ɓoyayyun bayanan da ke manne da shi, waɗanda ake kira EXIF. Facebook kuwa dama yana goge waɗannan lambobi daga hoton da jama'a ke saukewa, ko kin kashe ko ba ki kashe ba. Inda suke tona asiri shi ne idan an tura hoto ta imel, ko ta WhatsApp a matsayin Document, domin a nan yana tafiya da komai nasa. Kin kulle ƙofar da ba ta nan ya shigo ba.

Buɗe hoton ki ƙara masa girma. Bajon da ke ƙirjin rigar yarinyar, idan ma rubutun bai fito ba, Google Lens, manhajar bincike da hoto, na iya gano tambarin. Da ya san makaranta, ya yi hasashen yankinku, tunda ba a cika kai ƙaramin yaro nesa ba. Saura layi. Launin get, lambar gida, allon da ke tsallaken titi, sai ya haɗa su da tsofaffin hotunanki ya bi taswira. Lokacin da kika saka hoton kuma ya gaya masa ƙarfe nawa take fita. A 2019 wani mutum a Japan ya gano tashar jirgin ƙasa da wata mawaƙiya ke sauka daga abin da ya haska a ƙwayar idonta, ya tabbatar ta hanyar Street View, hotunan tituna da ke taswirar Google, ya bi ta har gida ya kai mata hari.

Yanzu ki ɗauki hoton saƙonsa ki adana kafin ki toshe shi, kada ki ba shi amsa. Ki cire hoton yarinyar daga Facebook, duk da mai yiwuwa ya riga ya sauke. Ki je makarantar yau, a rubuta sunayen waɗanda kaɗai za a ba wa yarinyar. Idan ya sake tuntuɓarki ta wani shafin, ki kai wa 'yan sanda abin da kika adana.

Nan gaba, a yanke gefen da ke ɗauke da bajo ko lamba gaba ɗaya. Shafa masa alƙalamin waya bai isa ba, don idan tawadar ba ta yi kauri ba, ana ƙara haske rubutun zai fito.