Mai gida ya ce "alat ya isa": haƙƙinka na karɓar rasidin kuɗin haya

Tambaya: Barista, ina haya a Agege, ɗaki biyu da falo, naira 600,000 a shekara. A Janairu na ba wakilin mai gida 250,000 a hannu, a Maris na tura 350,000 asusun ɗan mai gidan kamar yadda ya umarta. Na nemi rasidi, ya ce ai alat ya isa, ko ina zarginsa ne? Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, ba alfarma kake nema ba. Sashe na 5 na Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ya wajabta wa mai gida ya ba ɗan haya rasidi duk lokacin da aka biya shi. Dokar ta ma faɗi abin da za a rubuta: ranar da aka karɓi kuɗin, suna da adireshin mai gida da na ɗan haya, bayanin gidan da inda yake, adadin kuɗin, da tsawon lokacin da aka biya wa. Wanda ya ƙi, in kotu ta same shi da laifi, tararsa naira 100,000 ce. Agege tana ƙarƙashin wannan doka. Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island ne aka cire.

Alat ɗin da yake magana a kai yana nuna abu ɗaya ne kawai: kuɗi sun tashi daga asusunka sun shiga wani asusu. Bai ce na haya ba ne, bai ce na wace shekara ba ne, kuma a naka lamarin sunan da ke kai ba na mai gidan ba ne. Gobe in an sayar da gidan, ko magada suka karɓi ragamarsa, ana iya cewa bashi ka biya ɗan. Su kuwa 250,000 ɗin da ka ba wakili a hannu, a yanzu ba ka da komai a kansu sai bakinka da na wanda ya gani.

Akwai wani haɗarin da ya fi damuna. Idan babu yarjejeniya a rubuce, kotu takan duba yadda ake biyan haya don gane irin zamanka. Mai hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar tashi ta wata shida, amma mai biyan rabin shekara wata uku kawai yake da su. Kai kuma sau biyu ka biya. Rasidin da ya ce "hayar shekara ɗaya, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba" shi ne zai toshe wannan ƙofa.

Ka fara da laluma, tunda zaman tare kuke yi. Ka rubuta rasidin da kanka, kwafi biyu, ka sa duka biyan biyu da ranakunsu, har da cewa na biyun ya shiga asusun ɗansa bisa umarninsa. Ka kai masa tare da wani dattijo, ka ce: "Alhaji, saboda halin rayuwa ne, a sa mini hannu." Sau da yawa ƙyuyar rubutu ce kawai, in an sauƙaƙa musu sukan sa hannu.

In ya ƙi, ka tura masa saƙon waya ko WhatsApp da ya ƙunshi adadin, ranakun da lokacin hayar, ka roƙi ya tabbatar. Ko "eh, na gani" ya rubuto, amincewa ce da za ta yi maka aiki. Ka tura wa wakilin irinsa game da kuɗin hannu. Kada ka goge saƙonnin, kuma ka adana wayar. Sannan ka je banki ka karɓi takardar bayanan asusunka mai hatimi, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana da sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da aka ciro daga na'ura, ciki har da takardar tabbatar da yadda aka fitar da shi. Hoton alat kaɗai lauyan ɗaya ɓangaren zai yi saurin ƙalubalantarsa.

Idan har yanzu shiru, lauya ya rubuta masa wasiƙa, ko ka kai ƙorafi Citizens' Mediation Centre ta Ma'aikatar Shari'a ta Legas, inda ake sasanci kyauta. Kotun majistare ita ce matakin ƙarshe, kuma ba na so ka yi gaggawar zuwa can muddin kana son ci gaba da zama a gidan.

Abin da nake gargaɗinka a kai shi ne kada ka riƙe haya ta gaba don ka matsa masa. Hakan zai mai da kai mai bashi, ya ba shi hujjar neman fitar da kai. Ka biya a kan lokaci, ta banki, cikin asusun mai gidan kansa, ka rubuta a wajen bayani "hayar gida" da watannin da aka biya. In kuwa ya nace sai a hannu, a yi a gaban shaidu biyu, a sa hannu kan rasidi kafin ka saki kuɗin.