An cire kuɗina, an rubuta Pending, mai kaya ya ce bai gani ba

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ban daɗe da buɗe asusu a waya ba. Jiya da yamma na tura wa wani mai atamfa a Kasuwar Barci naira 18,000. An cire kuɗin amma an rubuta min `Pending`, shi kuma ya ce bai ga komai ba, in sake turawa. Ɗana ya ce in jira `Reversal`, mai shagon kuma ya ce in ba shi `Reference`. Ni duk ban gane ba. Kuɗina sun tafi ke nan?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, kuɗinki ba su ɓata ba, amma don Allah kada ki sake turawa tukuna. Sana'ar POS nake yi a Kawo, kuma irin wannan matsalar kusan kullum sai ta zo gaban teburina.

Idan kin tura kuɗi daga manhajarki zuwa wani banki daban, ba kai tsaye suke tafiya ba. Akwai wata cibiya a tsakiya mai suna NIBSS, wadda Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci suka mallaka, ita ke haɗa bankuna da juna. Naki bankin zai fara cire kuɗin daga asusunki, ya aika saƙo ta wannan cibiya, bankin mai atamfa ya karɓa ya zuba a asusunsa, sannan ya maido da amsa cewa an gama. Idan sabis lafiya lau, kafin ki ɗaga kai duk an yi wannan. `Pending` ko `Processing` yana fitowa ne idan bankinki ya cire kuɗin, ya aika saƙon, amma amsar ba ta dawo masa ba. Wato shi kansa bankin bai san ƙarshen maganar ba a wannan lokacin. Mai yiwuwa saƙon bai isa ba sam, mai yiwuwa kuma ya isa an zuba kuɗin, amsar ce kawai ta maƙale a hanya. Wannan na biyun shi ke jawo wa mutane asara.

Akwai wani tela daga Hayin Banki da ya tsaya a shagona wata Juma'a bayan La'asar, zai biya mai yadi naira 45,000 daga wayarsa. Ya tura, aka cire, aka rubuta masa `Pending`. Mai yadin yana ta kira yana cewa yaro na jira zai kawo kaya, ya yi sauri. Na ce masa ya dakata, ya ce ai tunda ba ta shiga ba za a maido masa, ya sake tura wata 45,000 ɗin, wannan ta wuce nan take. Bayan Magariba ta farkon ma ta sauka a asusun mai yadin. Da ya je banki ranar Litinin sai aka nuna masa duka biyun an rubuta `Successful`, babu abin da za su maido, domin a wajensu shi ya tura sau biyu da hannunsa da lambar sirrinsa. Allah Ya taimake shi mai yadin mutumin kirki ne, ya duba ya maido masa. Da baƙo ne wanda bai san shagonsa ba, da sai dai haƙuri ko doguwar shari'a.

Saboda haka abin da za ki yi yanzu shi ne ki buɗe manhajar, ki shiga inda aka rubuta `History` ko `Transactions`, ki taɓa wannan turawar ta 18,000 ki ga abin da ta koma. Tun jiya zuwa yanzu da wuya a ce ba ta sauya ba. In kin ga `Failed`, ba ta tafi ba, kuɗin naki ne za su dawo. In kin ga `Successful`, to bankinki yana cewa ya miƙa, magana ta koma wajen bankin mai atamfa. A nan ki roƙe shi ya buɗe tasa manhajar ya duba abin da ya shigo jiya. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu saƙon alat kaɗai suke jira, shi kuwa wannan saƙon yakan yi latti, wani lokacin ma ba ya zuwa, alhali kuɗin suna zaune a asusu. Ban ce mutumin yana ƙarya ba, ƙila dai wayarsa ce ba ta yi ƙara ba. Shi ma yana da hujjar yin taka-tsantsan, don masu alat na bogi sun wahalar da 'yan kasuwa ƙwarai.

`Reversal` da ɗanki ya ambata shi ne bankinki ya maido miki da abin da ya cire bayan ya tabbatar turawar ba ta yi ba. Yawanci na'ura ce ke yi da kanta, ba sai kin nema ba. Zai shigo kamar an turo miki kuɗi, adadin daidai da wanda aka cire, kuma a bayanin sau da yawa za ki ga `REV` ko `RVSL` ko `Reversed`. Shi ma ba kullum ake aiko saƙonsa ba, don haka ki riƙa duba ragowar kuɗinki. Na sha ganin wanda ya yi kwanaki yana zagin banki, da muka buɗe tarihin asusun tare sai ga kuɗin sun dawo tun daren farko, har ya kashe su bai lura ba.

Akwai ƙa'idar lokaci. Dokar da Babban Banki ya fitar a 2018 ta ce turawar da ta gaza daga banki zuwa banki a maido da ita cikin awa 24. A 2020 kuma ya sa wa'adin na kati: in na'urar ATM ta bankinki ce ta cire ba ta ba da kuɗi ba, a maido nan take ko cikin awa 24, in ta wani banki ce awa 48, in kuma POS ne awa 72. Haka yake a takarda. A aikace, wanda na'ura ba ta maido da kanta ba sai ma'aikaci ya sa hannu, kuma in abin ya faɗo yammacin Juma'a ko ranar hutu, sau da yawa sai an koma aiki.

Wani abu da sababbin shiga ke ruɗewa a kai: maidowar nan ta turawar da ta gaza ce kawai. In kika kuskure lamba ɗaya cikin lambobi goma na asusu kuɗin suka faɗa wa wani, a wajen banki turawar ta yi daidai. Ba za su shiga asusun mutum su ɗebo miki haka kawai ba. Za ki kai ƙorafi, bankinki ya rubuta wa nasa, a nemi amincewarsa, in ya ƙi a kan kai ga neman umarnin kotu. Shi ya sa manhaja take nuna miki sunan mai asusun kafin ki sa lambar sirri. Ki karanta sunan da ƙarfi mai kaya ya ji ya ce shi ne, sannan ki danna.

Sai lambar da mai shagon ya nema, wato `Reference`, wadda a ganina ita ce mafi amfani cikin kalmomi ukun da kika ambata. Kowace turawa tana da lambar shaida tata ita kaɗai, kamar lambar da ake rubutawa a jikin kaya in kin ba da saƙo a tashar Kawo. A ranar da kika tura 18,000, Allah kaɗai Ya san mutum nawa suka tura daidai wannan adadin, don haka in kin je banki kin ce "na tura dubu goma sha takwas jiya" ba ki ba su abin nema ba. Amma ki lura, a rasit ɗin sau da yawa lambobi biyu ne. Ɗaya an rubuta `Transaction Reference` ko `Transaction No`, wannan ta cikin gida ce, manhajarki ce ta san ta. Ɗayar an rubuta `Session ID`, lambobi 30 ne a jere, ita ce take bin kuɗin daga bankinki ta cibiyar har zuwa ɗaya bankin. Bankin mai atamfa da ita zai iya nemowa. In kin ba shi ta farkon zai je ya dawo ya ce an duba ba a ga komai ba, ku yi ta jayayya a banza.

Lambar ma tana da tsari:

```
xxxxxx 250314 162205 xxxxxxxxxxxx
```

Shida na farko lambar bankin da ya tura ne. Shida na biye shekara da wata da rana, a nan 14 ga Maris 2025. Shida na bayansu lokaci, ƙarfe 4 da minti 22 na yamma. Sauran 12 ɗin su ke bambanta ta da sauran turawa. Mu masu karɓar kuɗi mukan duba wannan in an nuna mana hoton rasit: in rasit ya ce yau aka tura amma tsakiyar lambar na nuna watan jiya, to an gyara tsohon hoto ne. In kuwa da kati kika biya a POS, lambar da za ki riƙe ita ce `RRN` mai lambobi 12 da ke jikin 'yar takardar. Ko an rubuta `Declined` ki karɓi takardar, musamman in kin ji alat ɗin cirewa, kuma ki ɗauke ta hoto, don rubutun irin wannan takardar yana gogewa in ta kwana biyu a jaka.

`Session ID` ba sirri ba ce, ki ba mai atamfa ba tare da fargaba ba, ba a cire kuɗi da ita. Abin da ba a bayarwa shi ne lambar sirrinki, da `OTP` da ake turowa a saƙo, da lambobin jikin kati. Na faɗi haka ne saboda kin yi tambayar a fili. Kada ki yi mamaki in wani ya biyo ki ta saƙo ko ya kira ya ce shi ma'aikacin banki ne zai yi miki `Reversal`, ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki. Maido da kuɗi ba ya buƙatar ki karanta wa kowa komai. Ki kashe wayar kawai.

In awa 24 ta cika har yanzu `Pending` ne, ko an rubuta `Failed` amma kuɗin ba su dawo ba, ki kai ƙorafi ta cikin manhajar, wajen `Help` ko `Support`, ko ki je ofishinsu da kanki. Ki ba su kwanan wata da lokaci, adadin kuɗin, sunan mai atamfa da lambar asusunsa da bankinsa, sai `Session ID` da hoton rasit. Ki nemi su ba ki lambar ƙorafin, ki rubuta ta a takarda. In an yi mako biyu ba su warware ba, kina da damar kai su gaban sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki ta `cpd@cbn.gov.ng`, kuma za su so ganin shaidar cewa kin fara kai kuka ga bankinki, wannan lambar ƙorafin ce shaidar.

Shi kuma mai atamfa, ki tura masa hoton rasit ɗin yau, ki ce ya ajiye miki kayan zuwa gobe. In kuɗin sun sauka wajensa ki je ki ɗauka, in sun dawo miki sai ki sake tura masa kina tsaye a shagon, ya duba manhajarsa kafin ki tafi.