Wasiƙar neman aiki da Turanci: me wanda bai taɓa aiki ba zai rubuta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta tattalin arzikin noma a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na yi bautar ƙasa a Jihar Kwara, inda na koyar da lissafi a ajujuwa uku na wata sakandare. Yanzu wata ƙungiya a nan Sakkwato tana neman mai tattara bayanai, sun ce a turo si-bi da wasiƙa da Turanci ta imel. Suna son mai iya Excel, mai jin Hausa, wanda zai iya shiga ƙauyuka, idan ya san manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ya fi. Ni ban taɓa aiki ba, furojet ɗina kaɗai na yi a kan manoman albasa 120 a Goronyo. Na buɗe wasiƙata da "I humbly beg to apply", yayana ya ce ba haka ake yi ba. Yaya zan yi?

Daga wani matashi a Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Yayanka ya yi gaskiya, amma jimlar farkon nan ba ita ce babbar matsalar ba. Babbar matsalar ita ce ka riga ka yanke wa kanka hukuncin cewa ba ka da abin faɗa, kuma wanda ya yarda da haka roƙo yake cika takarda da shi. Mai karanta wasiƙar kuwa yana zaune ne da sanarwar aikin a gabansa, da tarin takardu, yana duba wanda ya yi daidai da abin da aka nema. Ladabi ba ya cikin abin da ake ba maki, domin kowa ya yi shi. A Hausa ƙanƙan da kai a gaban na gaba ado ne. A wasiƙar aiki ta Turanci kuwa, ladabin shi ne ka taƙaita, ka faɗi abin da ya kawo ka, kada ka ɓata wa mutum lokaci.

Saboda haka kafin ka rubuta ko da harafi ɗaya, ɗauki sanarwar ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da suka ce suna so. A gaban kowane ɗaya ka rubuta, da Hausa ma idan ka ga dama, wani abu takamaimai da ka taɓa yi wanda ya tabbatar da shi. Idan ka yi haka za ka ga furojet ɗin da kake rainawa shi kaɗai ya amsa buƙatu uku daga cikin huɗu. Ka je Goronyo da ƙafarka, ka zauna da manoma kun yi magana da Hausa, sannan, kamar yadda akasarin ɗalibai suke yi, ka shigar da amsoshinsu cikin kwamfuta ka tantance. Aikin da ƙungiyar take son ɗaukar mutum ya yi ke nan, bambancin kawai shi ne ba a biya ka ba. Bautar ƙasa ma aiki ce ta shekara guda cur, da shugaba a kanka, da lokacin zuwa da na tashi, da sakamakon ɗalibai da dole a miƙa a kan kari.

Tsarin wasiƙar ba baƙo ba ne a wurinka, shi ne wanda aka koya mana a sakandare: adireshinka da lambar waya da imel a sama, kwanan wata, adireshin wanda ake rubuta wa, gaisuwa, sai kan magana a layi guda mai ɗauke da sunan muƙamin daidai yadda suka rubuta shi. Shafi ɗaya ya isa, kalmomi 250 zuwa 300. Sakin layi na farko jimla biyu ne kawai, ɗaya ta faɗi aikin da kake nema da inda ka ga sanarwar, ɗaya ta faɗi ko kai wane ne:

```
I am applying for the position of Data Collection Assistant
advertised on your website. I hold a degree in Agricultural
Economics from Usmanu Danfodiyo University, Sokoto, and I have
completed my NYSC service year.
```

Ambaton kammala bautar ƙasa a nan yana da amfani, domin wurare da yawa ba sa duba takardar wanda bai karɓi satifiket ɗin sallama ba, ko na ɗauke nauyi ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama digiri. Matakin digirinka kuwa, idan mai daraja ta ɗaya ne ko babbar daraja ta biyu, saka shi. Idan ƙasa da haka ne, bar shi a si-bi, ba ɓoyewa ka yi ba, kawai ba shi ne abin da ya fi ƙarfi a hannunka ba.

Sakin layi na biyu shi ne wasiƙar gaba ɗayanta, kuma nan ne mafi yawan matasa suke zubar da damarsu. Sai ka ga mutum ya jera siffofi: mai ƙwazo ne, mai gaskiya ne, yana iya aiki ko da an matsa masa, yana jituwa da abokan aiki. Duk wanda ya taɓa zama tantance takardu ya karanta waɗannan kalmomi har sun daina shiga idonsa, don kusan duk daga samfuri ɗaya ake kwafo su a shagon buga takardu. Mai sayar da albasa a kasuwa ba ya tsayawa yana rantsuwa cewa kayansa masu kyau ne, bakin buhu yake kwancewa a gani. Kai ma kwance naka:

```
For my final-year project, I interviewed 120 onion farmers in
Goronyo Local Government Area in Hausa, entered their responses
in Excel and analysed the results. During my service year in
Kwara State, I taught mathematics to three classes and compiled
their results every term.
```

Duba yadda jimlolin suke. Kowace ta fara da abin da ka yi, a lokacin da ya wuce, akwai adadi, akwai wuri. Babu inda ka ce kana da haƙuri da mutanen karkara, amma wanda ya san Goronyo ya san cewa samun manomi 120 su zauna su amsa tambayoyi ba wasa ba ne, sai an bi ta hannun hakimi ko sarkin noma, sai an jira mutum ya taso daga fadama. Idan akwai wata wahala da ka warware a wurin, misali manoma suna ba ka lissafin amfanin gona da buhu kai kuma kana buƙatar kilo, ƙara jimla ɗaya a kanta. Irin wannan ce take sa a tuna da takardarka, kuma daga ita ake ciro tambayar farko a intabiyu. Sharaɗin dai shi ne kada ka rubuta abin da ba ka yi ba. Idan wani ne ya shigar maka da bayanan a Excel, cire wannan gaɓar, ko ka zauna ka sake yi da hannunka kafin ka tura. Adadin ma ya zama shi ne a cikin kundin furojet ɗinka, don ana iya cewa ka zo da shi.

Saura KoboToolbox, wanda na fahimci ba ka sani ba. Hanyoyi biyu ne marasa kyau a nan: ka ce ka iya alhali ba ka iya ba, ko ka fara ba da haƙuri. Ta farko takan tonu da wuri, domin a irin wannan aiki sau da yawa akan miƙa wa mutum waya a ce ya cike fom a gaban masu tantancewa. Ta biyu kuma kai da kanka kake nuna musu inda za su cire maka maki. Manhajar ana iya buɗe asusu a kanta kyauta, tana da abokiyar aiki a wayar Android mai suna KoboCollect wadda ake cike fom da ita ko babu intanet, a tura daga baya. Ɗauki tambayoyi goma daga cikin na furojet ɗinka ka gina fom da su, ka gwada a kan mutanen gida. Bayan haka kana da damar rubuta jimla ta gaskiya, cewa ka fara koyo kuma ka gina fom na gwaji ka yi amfani da shi.

Sai jimla ɗaya ko biyu a kan dalilin da ya sa wannan ƙungiya kake nema. Kada ka kira ta mai daraja ko mai suna, sun san kansu. Shiga shafinsu ka ga wane aiki suke yi, a waɗanne ƙananan hukumomi, ka ambaci ɗaya da sunansa, ka ce a shirye kake ka yi tafiya. Rufewa kuma gajeriya ce:

```
I would welcome the opportunity to discuss my application at an
interview. Thank you for your time.
```

Akwai abubuwan da ba su da gurbi a cikin wasiƙar ko kaɗan: halin da gida yake ciki, tsawon zaman da ka yi ba aiki, addini, aure, sunan wani babba da ka sani, da batun albashi idan ba su tambaya ba. Na san abin da ke sa matashi ya rubuta cewa shi ne babba a gidansu kuma nauyi yana kansa, gaskiya ce kuma mai ciwo, amma mai tantancewa ba shi da gurbin da zai saka ta a takardar maki.

Game da Turancin kansa, gajerun jimloli sun fi maka tsaro. Duk kalmar da ba za ka iya furtawa ka bayyana ma'anarta a intabiyu ba, cire ta. Kurakuran da suka fi yawo kaɗan ne kuma sanannu: fara jimla da "Am writing" babu "I", rubuta "discuss about" alhali "discuss" kaɗai ya isa, da "I have graduated in" kafin shekara maimakon "I graduated in". Mu Hausawa kuma muna da tamu ta musanya p da f, kuma kwamfuta ba koyaushe take kamawa ba, domin "full" da "pull" duk kalmomi ne ingantattu. Gaisuwa da sallama su dace da juna: "Dear Sir/Madam" tana tafiya da "Yours faithfully", idan kuma ka ambaci sunan mutum sai "Yours sincerely", kuma babu wata alama tsakanin r da s a "Yours". A cikin Word, saita harshen dubawa zuwa English (United Kingdom), don shi ne rubutun da aka saba da shi a Najeriya. Daga nan ka karanta wasiƙar da ƙarfi, ka ba yayan naka shi ma ya karanta.

Wajen turawa, mayar da takardar PDF don kada tsarinta ya wargaje a wata kwamfutar, ka sa mata sunanka da sunan muƙamin. A layin Subject na imel ɗin rubuta ainihin abin da sanarwar ta ce a rubuta, harafi da harafi, saboda wasu wuraren da shi suke ware saƙonni, wanda ya saɓa ba ma a buɗe shi. Cikin imel ɗin kada ya tafi fayau, layi biyu ko uku da ke cewa ga wasiƙa da si-bi a maƙale sun wadatar. Adireshin imel ɗinka ya kasance mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai suke kiranka da shi ba. Idan a shagon intanet za ka tura, buɗe takardar a wayarka ka duba kafin a danna, domin yakan faru a maƙala wasiƙar wanda ya riga ka zama a kan kwamfutar. Allah ya ba da sa'a.