Alƙaluma ɗaya, zane daban: ina kuskuren yake?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin digiri na biyu kan taki da yawan masarar da ake girbewa. Na yi lissafin rigireshan na Giwa daban, na Soba daban, sai layin da R² suka fito kusan iri ɗaya. Amma da na zana su, ko kama ba su yi ba. Hankalina ya tashi, ko na ɓata shigar da bayanan ne? Ɗaliba, Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki. Ki sake duba bayanan dai, amma hakan na faruwa ko da babu kuskure ko ɗaya. Ban da yawan ɗigon, jimla biyar kacal lissafin yake amfani da su: Σx, Σy, Σx², Σy² da Σxy. Matsakaici, karkatar layi, r da R² duk daga nan suke fitowa. Idan ɗigonki 11 ne, lambobi 22 ke nan aka matse suka koma biyar, kuma tarin lambobi daban-daban na iya ba da jimla guda. Siffar ɗigon ba ta cikin abin da aka riƙe.

A 1973 Francis Anscombe ya tsara rukunin bayanai huɗu don nuna wannan, kowanne da ɗigo 11. A dukkansu matsakaicin x 9 ne, na y 7.5, layin y = 3 + 0.5x, R² kuma 0.67. Na farko lafiya lau yake, ɗigon sun warwatsu gefe da gefen layi. Na uku miƙaƙƙen layi ne da ɗigo guda ya bauɗe ya ja lissafin. Na biyu lanƙwasa ce: y ya hau har 9.26 a x = 11, sannan ya sauko zuwa 8.10 a x = 14, inda layin ke cewa 10. Ki kula da wannan, don taki ma haka yake, akwai inda ƙari ba ya ƙara amfanin gona.

Amma na huɗun nake so ki zauna a kansa, domin shi ke rusa abin da nake fama da shi kusan kullum, wato zaton cewa da zarar R² ya yi kauri kuma p ya gaza 0.05, to layin ya dace. A wannan rukuni ɗigo goma duk a x = 8 suke, a tsaye kan juna, matsakaicin y ɗinsu 7. Ɗigo guda ne can nesa, x = 19, y = 12.5. Daga 7 zuwa 12.5 an hau 5.5, daga 8 zuwa 19 an tafi 11. Raba 5.5 da 11, ga 0.5 ɗin nan. Wato ɗigo ɗaya tilo ne ya yanke karkatar layin gaba ɗaya. Da y ɗinsa 1.5 ne, sai layin ya juya ya koma −0.5, alhali goman ba su motsa ba. Idan kika cire shi kuwa, babu ma layin da za a iya lissafawa. Duk da haka p ɗinsa 0.002 ne, daidai da na rukunin farko mai lafiya! Shi p ya riga ya ɗauka cewa miƙaƙƙen layi ne ya dace, ba ya bincika miki ko haka ne.

Wannan ne ke ɓata min rai da masu shagunan da ke yi wa ɗalibai babi na huɗu. A karɓi kuɗin yaro, a zuba lambobi a SPSS, a buga masa tebur, ba zane ko guda. Ya je gaban malamai, a tambaye shi p, ya faɗa, a wuce. Daga nan sai a rubuta shawara ga manoma cewa su ƙara buhu kaza, alhali wataƙila gonar babban manomi guda ce, mai taki da ban-ruwa da tarakta, ta ja layin. Mai ƙaramin ƙarfi shi zai ci bashi ya sayi takin. Wallahi wannan amana ce, kuma mu masu duba kundi muna da kaso a ciki.

Wasu za su ce ai sun duba ratar da ke tsakanin kowane ɗigo da layi. Yana da kyau, zai tona lanƙwasar rukuni na biyu da bauɗaɗɗen ɗigon na uku. A na huɗu kuwa layin ta kan ɗigon nan na nesa ya bi, ratarsa sifili ce, sai ya zama kamar shi ya fi kowa biyayya. Ƙarfin jansa ake aunawa. A manhajar R:

```
plot(y4 ~ x4, data = anscombe)
hatvalues(lm(y4 ~ x4, data = anscombe))
```

Za ki ga ɗigo na takwas, wato na x = 19, ya ba da 1, iyakar abin da ake iya samu, sauran kuma 0.1 kowanne.

Ki yi wa Giwa da Soba haka. Idan kin ga lanƙwasa, ƙara x² ki sake gwadawa. Idan gona guda ce ta ware, kada ki goge ta don ta dame ki. Koma takardar tambayoyinki ki tabbatar ba buhu aka rubuta a gurbin kilo ba, sannan ki kawo sakamakon da ita da kuma ba ita, ki sa zanen biyu a cikin babin.