Takardun da Za Ki Rataya a Bayan Tsarin Kasuwancinki

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina da ƙaramar masana'antar kwali, kuma ina neman rancen shekara biyar a banki don in sayi sabon inji in koma wuri mai faɗi. Na gama rubuta tsarin kasuwancin, saura rataye. Abin da ke hannuna: takardun farashin inji guda 3 (ɗaya ta yi wata 8), kwangilar shekara 2 da wani kamfanin sabulu mai karɓar kwali 30,000 a wata, wasiƙar nuna niyya daga wani dila da ya ce zai riƙa ɗaukar 20,000 a wata, lasisin aiki na tsohon wurina, da rasidin neman lasisin sabon wurin. Wata ƙawata ta ce in zuba duka, wai yawan takardu ne ke burge banki. Kwangilar kuma tana da sharaɗin sirri. Me zan saka, me zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarar ƙawarki kada ki ɗauke ta. Duk takardar da kika saka a rataye, a wurin shari'a ta zama maganarki. Idan banki ya dogara da ita ya ba ki kuɗi, daga baya ta bayyana cewa ba haka abin yake ba, ke za a tuhuma da ba da bayanin da ba daidai ba, ko da wani ne ya rubuta takardar. Galibin yarjejeniyoyin rance suna da sakin layin da mai karɓa ke tabbatar da cewa duk bayanan da ya miƙa gaskiya ne kuma ba su ɓoye wani abu mai muhimmanci ba. Saɓa wannan kan ba banki damar neman kuɗinsa gaba ɗaya nan take, ko da ba ki taɓa makara wajen biya ba. Saboda haka ki buɗe shafin lissafinki, ki ɗauki manyan alƙaluma ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi kanki wace takarda ce ke tsaya wa kowanne. Takardar da ba ta tsaya wa komai ba, ki mayar da ita aljihun tebur.

Bari mu fara da wasiƙar dilan nan, don a nan ne na fi ganin mutane na rufta kansu. Idan tsarinki ya ce za ki sayar da kwali 50,000 a wata, to 20,000 daga ciki, wato kashi 40 cikin ɗari, sun dogara ne da wasiƙar da a bisa al'ada ba ta ɗaure wanda ya rubuta ta. Mutum ya ce yana da niyyar saye. Gobe yana iya fasawa, ba ki da abin da za ki kai kotu. A ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila, hukuncin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na shari'ar Walford da Miles a 1992, inda kotun ƙoli ta lokacin ta ce alkawarin cewa za a zauna a tattauna kawai ba abu ne da kotu za ta tilasta ba.

Amma kada ki tsaya a kan sunan da ke saman takardar. Kotu abin da ke ciki take karantawa. Ki duba ko an rubuta adadi, farashi, ranar farawa da tsawon lokaci, sannan ko akwai jimlar da ta ce ba abin da zai ɗaure kowa sai an sa hannu a cikakkiyar kwangila. Idan wannan jimlar tana nan, niyya ce kawai. Idan babu ita, kuma an fayyace komai an sa hannu, wasiƙar na iya zama kwangila ba tare da kun yi nufin haka ba. Wani abin da ake yawan tsallakewa: wasiƙar da ba ta tilasta wa dila saye ba tana iya ɗaure ki ke. Sau da yawa akan cusa sharaɗin cewa ba za ki sayar wa abokan gasarsa ba na wata 6 ko shekara, ko ba za ki nuna wa kowa wasiƙar ba, kuma a rubuta cewa waɗannan sassan suna aiki tun daga ranar sa hannu. Ki karanta ta har ƙasa kafin ki kai ta na'urar kwafi.

Shawarata a kanta: ki saka ta, amma ki kira ta da sunanta. A jerin abubuwan da ke rataye ki rubuta "wasiƙar nuna niyya, ba ta zama kwangila ba tukuna". A shafin lissafi ki raba layi biyu, 30,000 na kwangila daban, 20,000 na niyya daban, kuma ki nuna yadda biyan bashin zai kasance idan dilan ya ɗauki rabi ko bai ɗauki komai ba. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki rubuta "cinikin da aka tabbatar: 50,000". Wannan jimla ɗaya ita ce za a karanta miki a gaban alƙali. Idan kina son wasiƙar ta ƙara nauyi, ki roƙi dilan ya sabunta ta a kan takardar kamfaninsa, da kwanan wata na kusa, da suna da muƙamin wanda ya sa hannu, domin jami'in banki zai iya ɗaga waya ya kira shi. Ki sanar da shi tun da wuri cewa za a iya kiransa. In ya yarda ya ba ki odar gwaji ta wata ɗaya a rubuce, ta fi wasiƙar daraja nesa ba kusa ba.

Sai kwangilar kamfanin sabulu. Ita ce takardarki mafi ƙarfi, kuma ita ce mafi haɗari idan kika yi gaggawa. Sharaɗin sirri alkawari ne da kika ɗauka. Miƙa kwafi ga banki ba tare da izini ba saɓa kwangila ne, kuma a wasu kwangilolin ya isa dalilin soke ta. Kin ga ke nan garin neman gira a rasa ido. Ki koma sakin layin ki duba waɗanda aka keɓe. Da yawa suna halatta nuna wa lauya da akanta, wasu suna ƙarawa da masu ba da rance, da sharaɗin su ma su riƙe sirri. Idan an ambaci masu ba da rance, hanya a buɗe take. Idan ba a ambata ba, kina da zaɓi uku. Mafi tsabta shi ne ki rubuta wa kamfanin ki nemi izini a rubuce, ki faɗi sunan bankin da dalilin. In sun ƙi a ga farashi, ki nemi su amince da kwafin da aka rufe farashin, ki kuma rubuta a jiki cewa an rufe wasu sassa. Kada ki ɗauka rufe farashi da kanki ya wanke ki, don wani sharaɗin ya haɗa har da wanzuwar kwangilar kanta. In duka sun faskara, ki roƙe su gajeriyar wasiƙa mai tabbatar da cewa kina kawo musu kaya, tun yaushe, kuma kusan nawa a wata.

Kafin ki yi alfahari da wannan kwangila, ki karanta ta da idon wanda zai ba ki kuɗi. Shin 30,000 ɗin mafi ƙarancin abin da dole su karɓa ne, ko an rubuta "har zuwa 30,000"? Na biyun yana nufin suna iya karɓar 5,000 ba su saɓa komai ba. Wata nawa ya rage? Idan ta riga ta ci wata 10, saura 14, alhali bashinki na wata 60 ne. Akwai sharaɗin da ya ba su damar fita da sanarwar kwana 30 ko 60 ba tare da dalili ba? An hana ki jinginar da kuɗin da za su biya ki ga wani? Wannan na ƙarshe banki zai so ya sani, don yakan nemi a riƙa zuba kuɗin cinikin a asusun da ke wurinsa. Kada ki saka shafin farko da shafin sa hannu kawai ki tsallake shafin da ke da sharaɗin sokewa. Rabin gaskiyar da ke karkatar da fahimta, shari'a tana ɗaukarta a matsayin bayanin ƙarya. Idan kaya ya riga ya fara tafiya, ki haɗa da takardun kai kaya da shaidar biya na watannin baya. Su ne ke nuna kwangilar tana raye.

Takardun farashi ba su da wahala haka. Mai wata 8 ki cire ta, ko ki nemi a sabunta. Yawancinsu suna da wa'adin da aka rubuta a jiki, galibi kwana 30 zuwa 90, kuma in ya wuce mai sayarwa ba shi da nauyin tsayawa a kan farashin. Biyu masu rai a kan inji iri ɗaya sun wadatar, sai dai idan bankin ya ce uku yake so. Ki tabbata sunan kamfaninki ne a kai, da samfurin injin da tsarinki ya ambata. Idan daga ƙasar waje za a kawo shi, ki duba haruffa ukun da ke gefen farashin. `EXW` na nufin ke za ki ɗauko daga ƙofar masana'antarsu, duk dakon a kanki. `CIF` na nufin sun biya jirgin ruwa da inshora zuwa tashar da aka ambata, amma kuɗin kwastan da kai shi wurinki naki ne. Kwatanta farashin `EXW` da na `CIF` kamar abu ɗaya ne zai sa ki nemi rancen da ba zai kai injin ƙofarki ba. Kafawa, horar da ma'aikata da haraji ma, ki duba ko suna ciki.

Lasisi kuma yawanci yana ɗaure ne da suna, da adireshi, da irin aikin. Na tsohon wurinki yana nuna kina aiki bisa doka yanzu, don haka ki saka shi, amma kada ki bari a ɗauka ya shafi sabon wurin. Rasidi shaida ce ta cewa kin nema kin biya, ba ta cewa an ba ki ba. Ki saka shi da wannan bayanin a rubuce, da ranar da kika miƙa takardar neman. Banki zai iya amincewa da rancen ya ɗaura sakin kuɗin a kan fitowar lasisin, kuma wannan ya fi miki sauƙi da a gano daga baya. Ki duba ma ko lasisin da sunanki na kanki yake alhali kamfani ne ke neman bashin. A idon doka ku mutum biyu ne daban.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan kin miƙa. Tsakanin miƙa takardu da sa hannu kan rance akan ɗauki makonni ko watanni. Idan a tsakanin nan dilan ya janye, ko kamfanin sabulu ya aiko da sanarwar sokewa, shirunki ba zai kare ki ba. A shari'ar With da O'Flanagan a Ingila a 1936, wani likita ya faɗi gaskiyar abin da aikinsa ke kawowa lokacin da aka fara cinikin sayar da shi, sai ya kwanta rashin lafiya marasa lafiyarsa suka watse, bai kuma faɗa wa masu saye ba har aka sa hannu. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su damar warware cinikin. Saboda haka ki rubuta kwanan wata a shafin farko na ratayen, ki ajiye cikakken kwafin abin da kika miƙa, ki riƙe asalin takardunki a hannunki, kuma duk canjin da ya taso ki sanar da bankin a rubuce. Kafin ki miƙa, ki kai kwangilar da wasiƙar dilan wurin lauyan da ke aiki a inda kasuwancinki yake ya karanta sakin layin sirri da na sokewa, domin kalmomin da ke cikinsu ne za su nuna wanne daga cikin zaɓin nan uku ya dace da ke.